Yadda na koyi sayar da muryata daga ɗakin ajiyar hatsi

Aikin farko da aka maido mini, na daƙiƙa 45 ne kawai. Wata ƙungiya mai zaman kanta da ke aiki a jiharmu ta Maraɗi ce ta nemi sanarwa ta rediyo a kan sanya ƴaƴa mata makaranta, ana gab da komawa aji a watan Oktoba. Wani abokin karatuna tun makarantar horon malamai ta Damagaram ya ba su lambata, ya ce musu ga mai murya. Na ɗauka a falona da salula, na saurara sau uku, na ji babu laifi, na aika. Washegari mai haɗa sauti na gidan rediyon ya kira ni, yaro ne da bai wuce sa'ar ɗana na fari ba. Ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce: "Mushe, don Allah a ina kuka ɗauki wannan? Kamar cikin rijiya kuke magana."

Na ji zafin maganar, ba zan ɓoye ba. Shekara 20 da ɗoriya ina tsaye gaban aji, yara 70 wani lokaci 80, na can ƙarshen banci yana jin kowane harafi da na furta. Ban taɓa zaton muryar da ta ci da ni duk tsawon nan za a ce ba ta yi ba. Kuma jika 15 aka yi mini alkawari, a watan da kuɗin littattafai da ɗinkin kayan makaranta na yara biyar suka taru mini a wuya.

Na fara ɗaukar murya ne a watan Maris na 2020, da aka rufe makarantu saboda korona. Ina karanta wa ƴan ajin CM2 darasi da shifta ina turawa iyaye ta WhatsApp. Iyaye suka yi ta yabo, ni kuwa yabon ya ruɗe ni. Uwa da ke neman abin da zai zaunar da ɗanta ba ta damu da kukan fanka a bayan murya ba. Mai biyan kuɗi kuwa ya damu, don shi zai ɗora kiɗa a ƙarƙashin muryar, ya ƙara mata ƙarfi, ya watsa ta zuwa rediyon batir da ke rataye a garke ko a bakin rijiya. Duk dattin da ke cikin sautin, ƙaruwa yake yi a kowane mataki.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowa ke yi: na ɗora laifin a kan salula. Na ba wani ɗan kasuwa da ke zuwa Kano saƙo ya sayo mini makirufo irin na tebur, mai kebul da ake sakawa a kwamfuta, wanda ake kira kondansa. Ya ci mini jika 22. Na kafa shi a falon nan dai, na ɗauka, na saurara da abin kunne, sai jikina ya yi sanyi. Ya fi na salula muni. Yanzu ba rijiyar kawai ake ji ba, har da firigon maƙwabci, da akuyar bayan gida, da kabu-kabun da ya wuce a bakin titi. Irin wannan makirufo aikinsa ke nan, kunnensa ya fi na mutum kaifi, kuma bai san abin da kake so da wanda ba ka so ba.

Na ɗauki makirufon na tafi wurin yaron nan na rediyo, na aje girman kai a ƙofa. Bai ko duba shi ba. Ya ce: "Mushe, ku koma gida, ku tsaya tsakiyar falon ku tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, ku saurari abin da ke biyo baya. Ku yi haka a kowane ɗaki. Inda tafin ya mutu nan take, nan ne wurin aikinku."

A falo, tafin ya bar wata ƙara siririya a baya, kamar an buga kwano. Dalili a fili yake da zarar an faɗa maka. Bangon siminti ne mai santsi, ƙasa siminti, sama kwano, kuma babu komai a ciki sai kujeru da tebur. Murya tana fita daga baki ta bugi bango ta dawo, ta bugi na gaba ta sake dawowa, makirufo kuwa yana kwasar ta farko da duk waɗanda suka dawo. Kunnenmu ya saba, ƙwaƙwalwa tana tace amsa-kuwwar ba mu sani ba, shi ya sa na saurari kaina a falon shekaru ban ji komai ba. Na'ura ba ta yi maka wannan alfarma.

Na bi ɗakuna ina tafi kamar mai tsaron gona, yara suna bina suna dariya. Ɗakin kwana ya fi falo, saboda katifa da labule da tufafi. Amma wurin da tafin ya mutu ɗif shi ne tsohon ɗakin laka na marigayiya mahaifiyata, wanda muka mayar wurin ajiyar hatsi. Bangon laka mai kauri ne, ba shi da santsi, rufin azara ne da ƙasa a kai, ga buhunan gero da wake jere har kusan rabin bango. Kaurin bangon yana tare hayaniyar waje, buhunan da rashin santsin bangon kuma suna karya amsa-kuwwa. Abubuwa biyu ne daban, kuma na daɗe ina haɗa su wuri guda. Bargo da katifa suna shanye amsa-kuwwar cikin ɗaki, amma ba sa hana kukan jaki shigowa. Abin da ke hana shigowar ƙara nauyi ne da kauri da toshe kafa. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango, na gwada shi a ɗakin kwana kafin nan, banda kyankyaso babu abin da ya ƙara mini.

Uwargida ta ga ina fitar da tsohuwar katifa zuwa ɗakin hatsi, ta ce: "Malam, lafiya? Ko mun yi laifi ne za a ƙaura?" Na jingina katifar a bangon da nake fuskanta, na ɗaura igiya a bayana na rataya barguna biyu masu kauri, na shimfiɗa tabarma da darduma a ƙasa, na toshe ƴar tagar da matashin kai. Bargon baya ya fi muhimmanci fiye da yadda na zata, don makirufo yana kallon bakina ne, ke nan yana kallon bangon da ke bayana, duk abin da ya dawo daga can kai tsaye yake shiga. Ban kashe ko dala ba a wannan gyara, kuma shi ne ya kawo mafi yawan bambancin da aka ji daga baya.

Abu na biyu da na koya ya fi wuya, don ya shafi halina ne. Malami yana jefa murya ne zuwa ƙarshen aji. Na saba tsayawa nesa ina ɗaga murya, haka kuma na yi wa makirufo: yana can kan tebur, tazarar kamu guda da ɗori, wajen santimita 60, ni ina ta faman karatu kamar ranar rabon sakamako. Ƙa'idar kuwa mai sauƙi ce. Duk lokacin da ka rage tazarar bakinka da makirufo da rabi, ƙarfin muryarka a wurinsa yana ƙaruwa da kusan desibel 6, hayaniyar ɗaki kuwa tana nan yadda take. Daga santimita 60 zuwa 30, shida. Daga 30 zuwa 15, wata shida. Matsowa kawai ta ba ni desibel 12 a kan hayaniya, abin da babu na'urar da zan iya saya ta ba ni. Yanzu ina aunawa da hannu: taƙi ɗaya bai cika ba tsakanin leɓena da makirufo. Kuma ina magana kamar da mutum ɗaya nake, yana zaune kusa da ni a kan tabarma.

Matsowa tana da nata sharrin. Haruffan da ke fitar da iska daga leɓe, musamman f ɗinmu na Hausa da b da t, suna buga makirufo su yi wani bum kamar an naushi ganga. Kalmomi irin su "fara", "tafi", "babba" duk sai da suka fashe. Maganinsa biyu. Na kauce kaɗan, makirufo yana gefen bakina maimakon tsakiya, iskar tana wucewa ta gabansa. Sannan na ɗauki tsohuwar rariyar tankaɗe, na cire ragar, na ɗaure bakin da yankin gyale marar kauri ninki biyu, na kafa ta tsakanina da makirufo. Gwajinta shi ne ka sa tafin hannu a baya ka ce "fa, fa, fa". In ba ka ji iska a hannunka ba, ta yi.

Ga wanda bai da kwamfuta, salula ma tana aiki a irin wannan ɗaki, na yi ayyuka da dama da ita kafin in daidaita. Sai dai a sa ta a yanayin jirgin sama don kada kira ko neman layi ya shiga sautin, a aza ta kan matashi kada a riƙe ta a hannu. Mafi yawan manhajojin ɗaukar murya da ke zuwa da salula suna ƙara ƙarfi da kansu idan ka yi shiru. Alamarsa ita ce duk inda ka tsaya shan numfashi sai ka ji wani shuu yana tasowa, ka ci gaba da magana ya koma. A nemi manhajar da ke barin a kashe wannan kuma take ajiye sauti a matsayin WAV. Mai sayen ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga kuma ya duba bakin kebul ɗin: na salula zobe uku baƙaƙe gare shi, mai zobe biyu na kamara ne. Wata malama abokiyar aikina ta yi sati tana yabon sabon makirufonta, ashe salular ba ta ma gan shi ba, da nata na ciki take ɗauka. In kana shakka, ka shafa kan makirufon da yatsa kana ɗauka, ka saurara ko ƙarar ta shiga.

Sai lokaci. A unguwarmu, da rana akwai injin niƙa da ƴan talla, da magariba yara, bayan isha'i kuma in an ɗauke wuta injinan wuta ne ke tashi ta kowace kusurwa. Da asuba ga zakaru da lasifikokin masallatai. Abin da ya rage mini shi ne tsakanin ƙarfe 2 da rabi zuwa 4 na dare, sai kuma wani ɗan tsakani ranar Lahadi bayan azahar, lokacin da zafi ya kora kowa inuwa. A watan Afrilu da Mayu aikin azaba ne, don dole a kashe fanka a rufe ƙofa. Minti 10 nake yi in fito in sha iska. Lokacin hunturu ɗakin yana da daɗi, amma leɓe da maƙogwaro suna bushewa, sai ka ji ƴan ƙananan ƙara tas-tas a cikin sautin duk lokacin da ka buɗe baki. Ruwa mai ɗumi kusa da kai, kurɓi kaɗan kafin kowane sakin layi. Goro da shayi mai sukari da yawa kuwa sai an gama.

Bari in koma kan sanarwar nan ta daƙiƙa 45, don a kanta na koyi sauran. Ƙungiyar ta yi mini haƙuri ta ba ni kwana huɗu in sake.

Matsalar farko ba ta sauti ba ce ma. Da Faransanci suka aiko rubutun, na fassara shi ya kai kalma 150. Na auna kaina da agogo: idan ina karatu a natse yadda tsohuwa a ƙauye za ta fahimta, kalma 100 zuwa 105 nake yi a daƙiƙa 45. A ɗaukar farko gudu na yi don in cusa 150 ɗin, shi ma ya taimaka wurin lalata ta. Na zauna na yanke. Dogon sunan shirin da na masu ba da kuɗi, wanda ya cinye kusan kalma 20, na roƙa a mayar da shi ƙarshe a taƙaice. Jimlar da ke cewa ilimin ƴa mace ginshiƙi ne na ci gaba mai ɗorewa na cire ta gaba ɗaya, na bar abin da uba yake bukatar ji: yaushe ake rubuta yara, a ina, me zai riƙo. Suka yarda. Tun daga ranar ba na karɓar rubutu sai na karanta shi da agogo a hannu, kuma ba na ɗauka sai mai aikin ya amince da Hausar a rubuce, don gyaran kalma ɗaya bayan an gama yana nufin wani tashin dare.

Akwai kuma abin da rubutunmu na boko ba ya nunawa, wato karin sauti da tsawon wasali. Kalmar "fari" a takarda ɗaya ce, a baki kuwa tana iya zama launi, ko rashin ruwan sama, ko ƙwarin da ke cinye amfanin gona. A wata sanarwa ta manoma na taɓa karanta ta da karin da ba shi ba, na ji da kunnena sai bayan an watsa. Yanzu ina bin takarda da jan biro kamar ina gyaran shifta: alama a kan kalma mai fuska biyu, karan tsaye inda zan numfasa, layi a ƙarƙashin kalmar da zan danna. Ina kuma tambaya tun farko wa za a yi wa magana. Sanarwar da za ta tsaya a ƙauyukan Gobir da Katsinar Maraɗi, da bakinmu na gida ta fi shiga. Wadda za ta kai Damagaram da Tawa da Yamai sai a nemi Hausar da kowa zai ɗauka ba tare da ya ce ai wannan ba namu ba ne.

Ɗan yayata ne ya saka mini Audacity a tsohuwar kwamfutata. Kyauta ce, kuma tasa da Turancin Ingilishi ta zo, don haka sunayen da zan faɗa haka suke a allona. Na sa ta a 44100 Hz, layi ɗaya, wato mono, don murya ɗaya ba ta bukatar biyu. Kafin in fara sai na daidaita ƙarfin shiga: ina karanta jimlar da ta fi ƙarfi ina kallon ma'aunin da ke sama, ina so ya riƙa kaiwa tsakanin -12 da -6, kada ya taɓa 0. In ya taɓa 0 sautin ya fashe, za ka ga kan igiyar sautin ya yanke ya yi fele-fele kamar an aske shi, kuma wannan ba ya gyaruwa, sai a sake.

Daga nan na danna ɗauka na yi shiru na daƙiƙa 10, ko motsi babu. Wannan shirun shi ne ma'aunin ɗakin. A falo ma'aunin yana tsayawa wajen -42 ina shiru. A ɗakin hatsi da dare ya sauka zuwa wajen -55, amma da abin kunne ina jin wani gurnani siriri a ƙasa, mmm, ba ya tashi ba ya sauka. Na kashe ƙwan wuta, yana nan. Na zare cajar kwamfuta daga bango, ya ɓace, ma'aunin ya faɗa kusa da -60. Gurnanin wutar lantarki ne, wadda a ƙasarmu take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, tana biyo caja ta shiga makirufo. Tun daga nan da batir nake ɗauka. Wannan -60 ɗin kuma ba ni na ƙirƙiro shi ba, shi ne iyakar da masu karɓar littattafan saurare na ACX suke gindayawa, kuma ma'auni ne mai kyau ko da aikinka bai wuce rediyon gari ba.

Na karanta sanarwar sau biyar a jere ba tare da na tsayar da na'ura ba. In na yi tuntuɓe sai in tafa hannu sau ɗaya in maimaita jimlar daga farkonta. Tafin yana fitowa a allo kamar tsinke a tsaye, sai ya nuna mini inda zan yanke ba sai na saurari komai daga farko ba. Ta huɗu ce ta fi, na ɗauko jimla ɗaya daga ta biyar na dasa.

Gyaran da nake yi uku ne kawai, kuma a jere. Na farko `High-Pass Filter` a kan 80 Hz, yana zubar da gurnanin ƙasa, irin na mota mai nisa ko taɓa tebur, ba ya taɓa muryar da kunne ke bukata. Na biyu `Noise Reduction`: ka zaɓi shirun nan na daƙiƙa 10, ka danna `Get Noise Profile` don ta san abin da za ta cire, sannan ka zaɓi sautin duka ka sake buɗe ta. A nan ne kowa ke faɗawa rami, ni ma na faɗa. Na ga tana share hayaniya sai na kai ta 24, shirun ya yi tsit kamar kabari, muryar kuwa ta koma kamar ana magana ta cikin tulu da ruwa a ciki, ƙarshen kalmomi yana ɓacewa. Yanzu ba na wuce 6 zuwa 9. In wannan bai isa ba, ɗakin ne bai yi ba ko lokacin, sai in sake ɗauka. Ba ta kuma cire kukan zakara ko amsa-kuwwa, ƙarar da ba ta canjawa kawai take iyawa da ita. Na uku `Normalize` zuwa -3, don mai haɗa sauti ya samu wurin aiki. Ba na sa kiɗa, ba na sa amo na ado, wannan aikinsa ne.

Na fitar da shi WAV, ya kai kusan mega 4, don minti ɗaya na irin wannan yana cin mega 5 da ɗan ɗori. Sai kuskure na ƙarshe da yaron ya tsare ni kafin in yi: kada a tura aiki a matsayin saƙon murya na WhatsApp, don yana matse sautin ya zubar da rabin wahalarka. A tura shi ta `Document`, zai isa yadda yake. Kafin in aika kuma na saurare shi a wuri uku, abin kunne, lasifikar salula, da ƴar rediyon uwargida mai cin katin ƙwaƙwalwa. Ta ukun ce alƙali, don irinta ce a hannun mutanen da ake yi dominsu. Yaron ya kira bayan minti 20, ya ce: "Mushe, wane situdiyo kuka je?" Na ce ɗakin gero.

Samun aiki kuwa, kusan duka ta hannun mutane ya zo mini. Na haɗa samfuri na minti ɗaya, kashi uku: sanarwar lafiya a natse, tallar shago mai ɗan zafi, da guntun tatsuniya. Na kai wa masu haɗa sauti na gidajen rediyo uku, don su ake fara tambaya idan ana neman murya, ba darakta ba. Na ba jami'an sadarwa na ƙungiyoyi biyu. Sauran ya zo daga ƴan kasuwa: mai shagon takin zamani, mai makarantar kuɗi, mai sayar da fitilun sola, masu son talla ta daƙiƙa 30 da za su sa a lasifika ranar kasuwa ko su tura a waya. Ina sauraren shirye-shiryen Hausa na Studio Kalangou da na Muryar Sahel da kunnen ɗalibi, ina lura da inda suke numfasawa da saurin da suke yi. Dandalin intanet irin su Fiverr na buɗe, yana cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin aiki, kuma kafin mutum ya ɓata dare a kai ya fara tabbatar da hanyar da kuɗin za su iso hannunsa a nan. Ni abin da na samu ta can bai kai na masu shagunan kasuwar garinmu ba. Ƙungiyoyi manya kuma sukan nemi takardar kuɗi mai lambar NIF, wanda ba shi da ita sai ya bi ta hannun gidan rediyo, su kuma su cire nasu.

A kan farashi na yi asara kafin in yi hankali. Sanarwar nan ta jika 15, an ce mini wata ɗaya za a yi ana sa ta a rediyo ɗaya. Bayan shekara na je ta'aziyya wani gari mai nisa, ina zaune a zaure sai na ji muryata tana fitowa daga rediyon mai shayi. An yi ta yawo da ita gidajen rediyo ban san adadinsu ba. Ban da bakin magana, don babu abin da muka rubuta. Yanzu ko saƙon waya ne sai mun rubuta abu huɗu: tsawon sautin, inda za a watsa shi, wata nawa, da gyara sau nawa ke cikin kuɗin. Gyara ɗaya kyauta ne, in sun canja rubutu bayan sun amince, sabon kuɗi ne. Fassara ma kuɗinta daban, don sau da yawa ta fi karatun cin lokaci. Wanda ban sani ba yana ba da rabi kafin in fara, in tura masa samfurin MP3 ya ji, WAV kuwa sai sauran ya shigo. Tallar ɗan kasuwa ta daƙiƙa 30 ina karɓar jika 5 zuwa 10, ta ƙungiya ta fi haka gwargwadon inda za ta kai. Akwai watan da nake haɗa jika 40, akwai wanda ko dala ba ta shigowa, musamman da damina. Sanarwar minti ɗaya kuma, daga fassara zuwa aikawa, ba ta kasa awa 3.

Aikin da ya fi kowanne kuɗi da aka taɓa kawo mini, ban yi shi ba. Wani mai maganin gargajiya ne ya zo har gida da jika 50 a hannu, yana son talla ta minti 2 da za a sa a lasifikar mota. Na karanta takardar: maganin yana warkar da ciwon suga, da hawan jini, da sikila, har ya ce mai shan sa ya bar na likita. Na ce masa: "Alhaji, ku yi haƙuri, in za a cire wannan layin da wannan, zan karanta." Ya ce ai waɗannan layukan su ne tallar, kuma ni ya zaɓa don mutane sun san muryar Mushe, in suka ji za su yarda. Gaskiya ya faɗa, kuma dalilin da ya sa na ƙi ke nan. A ajina na wannan shekarar akwai yarinya mai sikila, uwarta tana cikin masu sauraren darussan da nake turawa. Daren nan ban yi barci da wuri ba, don kuɗin hayar shagon uwargida ya zo kuma ba mu da shi. Bayan sati biyu na ji tallar tana wucewa a bakin kasuwa da muryar wani.

Haka ma muryoyin yara. An sha tambayata in kawo ɗalibai biyu su yi ƴar tattaunawa a cikin sanarwa, tunda ga su a hannuna. Ba na yi sai uban yaro ko uwarsa sun ji rubutun sun yarda, a wajen lokacin aji, kuma kuɗin yaron a hannun iyayensa nake sa shi, gaban mai aikin.

Makirufon jika 22 yana nan, shi nake amfani da shi, kuma a ɗakin hatsi ya zama na kirki. Da zan sake saye da na ɗauki irin na hannu da ake kira dinamik, wanda ake riƙewa dab da baki, don ya fi haƙuri da gida mai hayaniya. Abin da ke damuna yanzu shi ne buhunan. Duk shekara idan aka kai watan Yuli geron ya ja baya, bangon ya fito fili, sai in ji sautin ɗakin ya fara canjawa. Bana na cika buhu shida da ƙaiƙayi da tsofaffin tsummoki na jera a gurbinsu, na tafa hannu, ya mutu kusan yadda yake yi da kaka. Uwargida ta ce in dai rubuta alama a jikinsu, kada wata rana ta aiki yaro ɗebo tsaba ya dawo mata da tsumma.